Iskar tayar babur: nawa ga mai tafiya shi kaɗai, nawa ga mai goyo da kaya?

"Assalamu alaikum, Oga. Ina da Boxer 100, ina zaune a Rikkos cikin Jos. Ranakun aiki ni kaɗai nake hawa zuwa Bukuru, ƙarshen mako kuma nakan goya ƙanena mu je Mangu, wani lokacin mu ɗauro buhun dankali ko na masara. Mai facin unguwarmu 40 yake sa min a gaba, 50 a baya, ya ce haka ake yi wa mashin mai ɗaukar kaya. Tiyub biyu na canja a baya cikin wata uku. Don Allah nawa ya kamata in sa idan ni kaɗai ne, nawa kuma idan da goyo da kaya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ba ka lambobin tukuna, sannan mu zauna a kan dalilinsu. Kamfanin da ya ƙera irin mashin ɗinka ya rubuta 25 a tayar gaba, 28 a tayar baya idan kai kaɗai ne, 32 a baya idan ka yi goyo. Ta gaba ba ta canjawa, ko da goyo ko babu. Duk waɗannan lambobi a ma'aunin psi suke, wanda shi ne masu faci ke karantawa a gejinsu, kuma ana auna su ne tayar tana da sanyi, wato da safe kafin ka fita, ko bayan mashin ya yi kamar awa uku a ajiye. Ka duba murfin cen ko ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, sau da yawa akwai 'yar takarda a manne mai ɗauke da lambobin. Idan ta goge, suna cikin littafin da ke zuwa tare da mashin. Wani lokacin za ka ga an rubuta 1.75 da 2.00 da 2.25 kg/cm², ko 175 da 200 da 225 kPa. Kusan abu ɗaya ne, ma'auni ne kawai ya bambanta. Mai wani mashin daban, ko TVS ne ko Honda ko Haojue ko Jincheng, ya bi abin da aka rubuta a jikin nasa, ko da yake ƙananan mashinan da muke hawa a nan ba su cika yin nisa da waɗannan lambobi ba.

To 40 a gaba ya yi yawa ƙwarai, kuma shi ne abin da ya fi tayar min da hankali a cikin bayaninka. Gobe da safe ka fara da rage shi. Batun 50 na baya kuwa yana da ɗan tsawo, domin mai facin naka ya kama rabin gaskiya: lallai kaya na buƙatar ƙarin iska. Inda ya kauce shi ne zaton cewa in dai ana ƙara iska, taya za ta ci gaba da ɗaukar duk abin da aka ɗora mata.

Me ya sa ta baya ce kawai ake ƙara wa

Ba robar taya ce ke ɗaukar nauyi ba, iskar da ke ciki ce. Idan ka zauna a kan mashin, tayar takan ɗan baje a inda ta taɓa ƙasa, gefenta ya ɗan lanƙwasa. A kowane juyi, wannan wurin yakan lanƙwasa ya miƙe, ya lanƙwasa ya miƙe. Ka taɓa lanƙwasa waya gaba da baya da sauri don ka tsinke ta? Kafin ta tsinke sai ka ji ta yi zafi a yatsunka. Abin da ke faruwa da zaren da ke cikin taya ke nan. Lanƙwasa kaɗan ana son ta, domin ita ke sa taya ta kama kwalta ta kuma shanye ƙananan duwatsu. Idan ta yi yawa sai zafi ya taru, roba ta fara rabuwa da zare, tiyub ya yi laushi, faci ya ɗago. Aikin iska shi ne ta riƙe wannan lanƙwasa a daidai gwargwado. Nauyi ya ƙaru, lanƙwasa ta ƙaru, sai ka ƙara iska don ta koma inda take.

Yanzu mu ga inda nauyin yake sauka. Lissafin da zan yi ƙiyasi ne, amma bai yi nisa da abin da sikeli zai nuna maka ba. Mashin ɗinka da mai a tanki kusan kilo 110 ne, kamar 50 a gaba, 60 a baya. Mu ɗauka kai kilo 70 ne. Da yake mazaunin direba ya fi kusa da tayar baya, kamar 45 na nauyinka a can yake sauka, 25 a gaba. Ke nan kai kaɗai, ta gaba na ɗauke da 75, ta baya na ɗauke da 105.

Sai ƙanenka ya hau, mu ce shi kilo 65 ne. Ka tsaya daga gefe ka kalli inda mai goyo ke zama: kusan a saman tsakiyar tayar baya yake. Saboda haka kusan kilo 60 nasa duk a kanta suke, abin da ya isa gaba bai wuce 5 ba. Ta baya ta tashi daga 105 zuwa 165, ta gaba kuwa daga 75 zuwa 80. Ka ga dalilin da ya sa kamfani ya ce a ƙara wa ta baya 4, a bar ta gaba yadda take. Ba ta samu wani sabon aiki ba balle a ƙara mata iska.

Kariya, wato ƙarfen ɗaure kaya da ke bayan mazauni, ta fi haka wahalarwa. Ita a bayan tsakiyar taya take, don haka duk abin da aka ɗaure a kanta yana danna baya yana kuma ɗaga gaba. Tsakanin tayoyin mashin ɗinka biyu akwai kamar santimita 125. Idan tsakiyar buhu ya zauna santimita 15 a bayan tsakiyar taya, buhu mai kilo 50 zai danna tayar baya da kusan 56, ya kuma ɗebe 6 daga gaba. Mai kilo 100 zai danna da 112, ya ɗebe 12. Shi ya sa idan ka ɗaure kaya a can ƙarshen kariya kake jin kan mashin ya yi sakayau, yana rawa a hannunka, musamman a hawa. Ka haɗa wannan da tayar gaba da aka bunƙusa zuwa 40, wadda dama ɗan wurin da take taɓa ƙasa ya ragu, sai ka ga abin da ya sa na ce ka fara da ita.

Abin da aka rubuta a gefen taya

Ka durƙusa ka goge gefen tayarka ta baya da tsumma. Za ka ga girmanta, 3.00-17, sannan a kusa da shi akwai 4PR ko 6PR, da wata lamba haɗe da harafi, kamar 45P ko 50P. Masu sayarwa kan ce "mai fulai huɗu" ko "mai fulai shida". Lambar nan tana faɗin iyakar nauyin da tayar za ta ɗauka: 45 na nufin kilo 165, 50 na nufin kilo 190. A ƙasa da ƙananan haruffa akan rubuta shi a fili, kamar haka: MAX LOAD 190 kg AT 280 kPa (41 psi) COLD. Ma'anarsa, tayar za ta ɗauki kilo 190 ne kawai idan an sa mata 41 tana da sanyi. Mai fulai huɗu kuwa iyakarta kilo 165 a kan 33.

Ka dubi waɗannan lambobi biyu da kyau, domin amsar tambayarka a tsakaninsu take. Daga 33 zuwa 41 an ƙara iska 8, abin da aka samu na ƙarin nauyi kilo 25 ne, rabin buhun siminti. Kowane 1 da ka ƙara a geji yana saya maka kamar kilo 3. Kuma daga 41 cinikin ya ƙare. Idan aka kai ta 50, tayar ba ta koma mai ɗaukar kilo 220 ba. Zarenta da wayar bakinta da aka ƙera don 190 suna nan yadda suke, sai dai yanzu an ɗaure su tamau fiye da ƙima, ga kuma nauyin da ya wuce nasu. Idan kuwa mai fulai huɗu ce a mashin ɗinka, 50 ya zarce iyakarta da 17.

Mu mayar da tafiyarka ta Mangu cikin wannan lissafi. Kai da ƙanenka babu kaya, 165 a baya. Ka sa 32, kuma ka lura cewa mai fulai huɗu ta riga ta kai bakin iyakarta tun ba a ɗora ko ƙullin yalo ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai yawan goyo ya sayi mai fulai shida idan lokacin canji ya zo, ko da ta fi tsada. Kai kaɗai da buhu mai kilo 50 a mazaunin fasinja, ka matso da shi har ya taɓa bayanka: kamar 152 ke nan, 32 ya wadatar. Kai kaɗai da kaya mai kilo 80 a wannan wurin: kusan 180. A nan ni nakan sa 38, amma da sharaɗi biyu, tayar mai fulai shida ce, kuma lafiyayya ce, ba mai tsattsagewa a gefe ko kumburi ba. Wannan 38 ba lambar kamfanin mashin ba ce, su a 32 suka tsaya. Daga rubutun gefen taya na ciro ta, kuma tayar kawai take karewa. Birki da shoka da wayoyin rim suna da tasu iyakar, wadda iska ba ta taɓa ta.

Kai kaɗai da cikakken buhun masara mai kilo 100: ko ka matso da shi gaba sosai, kana wajen 197 zuwa 200, ka ɗan haura iyakar mai fulai shida. Idan ya zame ya koma kan kariya, ka kai 217. Kai da ƙanenka da buhu mai kilo 50 a kariya kuwa, 165 da 56, wato 221. Babu lambar geji da zan ba ka a nan, domin babu ita. Na san abin da ake yi a kan hanya, kullum ina ganin mashina daga Bokkos da Mangu da buhu biyu har da mutum a sama, kuma yawancinsu suna isa gida. Amma irin waɗannan mashinan ne ake turo min da rim a lanƙwashe da tiyub a yage, kuma tayar da ta fashe a gangare da kaya a baya ba ta ba mutum lokacin yin dabara. Idan buhun ya zama dole, ƙanenka ya hau mota ya same ka a gida, ko a raba buhun biyu, ko a sa shi a motar kasuwa. Buhunan dankali ba nauyinsu ɗaya ba, don haka kada ka yi ƙiyasi da ido. A kasuwar akwai sikeli, ka ɗora ka gani sau ɗaya, daga nan ka san abin da kake ɗauka.

Idan yau kai kaɗai, gobe da goyo

Mutane da yawa kan tambaye ni ko sai sun riƙa tsayawa wurin mai faci duk lokacin da za su ɗauki mutum. A'a. Ka auna ɓarnar kowane gefe. Idan ka bar 32 a baya kana tafiya kai kaɗai, abin da za ka ji shi ne mashin ya ɗan ƙara tauri a kan gargada, shi ke nan. Idan ka bar 28 ka yi goyo zuwa Mangu, tayar za ta yi tafiyar fiye da awa guda tana lanƙwasa fiye da ƙima, tana tara zafi. Ɓarnar ta biyu ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda yake goyo ko da sau biyu ne a mako, ko ɗan acaɓa da fasinja ke hawa yana sauka duk yini, ya bar 25 da 32 kawai ya huta. Mai 28 shi ne wanda da gaske shi kaɗai yake hawa wata da watanni.

Amma 38 ta kaya ba a barin ta. Ran da ka sauke buhu, washegari da safe ka mayar da ita 32. Tayar baya mai 38 ko 40 a ƙarƙashin mutum ɗaya tsalle take yi. Ka taka birkin baya a kan kwaltar da ruwa ya jiƙa, ko inda yashi ya kwanta a bakin kwana, sai ka ji baya ya zame tun ba ka danna sosai ba. A Jos, daga Yuli zuwa Agusta kusan kullum kwalta a jiƙe take, kuma ruwan yakan kwaso jar ƙasa ya shimfiɗa a kan titi. A lokacin ne iskar da ta yi yawa take kayar da mutane, su kuma su ɗora laifin a kan birki ko a kan suɗewar taya.

Iska mai yawa tana da wata ɓarnar da ba a gani nan take. Tsakiyar taya yakan suɗe ya bar gefe da sauran zane, sai ka canja taya rabinta sabuwa. Duk ramin da ka faɗa, bugun yakan wuce kai tsaye zuwa rim da shoka da bayanka, wayoyin rim su sassauta. Zaren da aka ja tamau kuma ya fi saurin tsinkewa idan ya daki bakin rami mai kaifi, daga nan ne kumburin gefe ke fitowa.

Sanyin Jos da batun awo

Iska takan kumbura da zafi ta kuma tsuke da sanyi. A irin tayarka, duk digiri 10 na canjin yanayi yana motsa geji da kamar 1 da rabi. A Disamba da Janairu, asubahin Jos yakan sauka kusa da digiri 10, da rana kuma ya haura 25. Tayar da ba ta je ko'ina ba za ta iya nuna 30 da asuba ta nuna 32 da azahar, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ƙari a kan haka, tafiya da kanta tana ɗora 2 zuwa 4. To idan ka taso daga Rikkos ka isa wurin mai faci a Bukuru da tsakar rana ya auna ya ce 32, gaskiyar abin da ke cikin tayar da safe bai fi 28 ba. Kai kana zaton kana kan lambar goyo, alhali kana kan ta mutum ɗaya.

Shi ya sa ba a rage wa taya iska tana da zafi. Ka iso Mangu ka auna ka ga 36, ka bar ta, haka ya kamata ta yi. Idan ka sace 4 don ta koma 32, gobe da safe za ka tarar da 28. Idan dole ta sa ka ƙara iska a tsakiyar tafiya, ka sa 3 a kan lambar da kake nufi, sannan ka sake aunawa da safe.

Wannan hauhawar ma tana da amfani, ni da ita nake gane ko iska ta dace da kaya. Ka auna da safe, ka yi lodi, ka yi tafiyar rabin awa, ka tsaya ka sake aunawa nan take. Idan ta ƙaru da 2 zuwa 4, tayar tana cikin jin daɗinta. Idan ta ƙaru da 6 ko fiye, kuma ka ɗora tafin hannu a gefenta ka ji ba ka iya barinsa, tana wahala. Ko iskar ta yi kaɗan ga wannan nauyi, ko nauyin ya fi ƙarfinta, ko gudun ya yi yawa. Idan akwai sauran wuri kafin iyakar da ke gefen taya, ka ƙara. Idan babu, ka rage kaya ko ka rage gudu. Gudu yana ƙara zafi sosai, don haka mashin mai lodi da ke tafiya a 50 ya fi mai tafiya a 80 tsira da tayarsa.

Masu gangarawa Abuja ta Hawan Kibo kan tambayi ko tsayin Jos na canja lissafi. Jos tana sama da teku da kamar mita 1,200, kuma idan ka sauka ƙasa geji yakan ragu da kusan 1. Sai dai can ƙasa an fi zafi, zafin kuma ya mayar da abin da aka rasa. Ba abin damuwa ba ne.

Abin damuwa shi ne gejin kansa. Yawancin masu faci geji ɗaya suke amfani da shi ga tirela da bas da mashin, ya sha faɗuwa ƙasa, ya sha ƙura. Gejin da aka yi don ya karanta har 200 ba zai bambance maka 25 da 29 ba, layukansa sun yi kusa da juna. Wasu ma ba sa sa geji, sai su matsa da babban yatsa ko su ƙwanƙwasa da sifana su saurari ƙara. Taya mai fulai shida tana da taurin jiki, ko 20 ne a cikinta yatsa zai ce ta cika. Ba ina zargin mai facinku da mugunta ba, ya saba da mutanen da ke cewa "ƙara, ƙara" har sai taya ta yi kamar dutse, kuma in bai ƙara ba su tafi wurin wani. Ka sayi ƙaramin geji naka, irin mai kama da biro ko mai agogo wanda iyakarsa 50 ko 60, a wurin masu sayar da kayan mashin. Kuɗinsa bai kai na tiyub biyun da ka canja ba. Ka gwada shi da na wani mutum ɗaya ko biyu don ka san ko yana faɗin gaskiya. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka sa a cika maka da yamma ya ɗan zarce, da safe kai da kanka ka sace iskar a hankali har ta sauka inda kake so. Kuma sau ɗaya a mako ka auna, domin tiyub ko ba huji yana rage iska a hankali, wasu tiyub ɗin ma 2 ko 3 suke zubarwa a mako.

Tiyub biyun da ka canja

Ban ga mashin ɗinka ba, amma tsohon tiyub yakan faɗi abin da ya kashe shi. Idan yana nan, ka hura shi ka duba. Huji biyu ƙanana gefe da gefe, a ɓangaren da ke kusa da bakin rim, alama ce ta cewa tayar ta matse har rim ya cije tiyub a kan bakin rami. Wannan iska ce ta yi kaɗan ga nauyin da ke sama a wannan lokacin, kuma yana faruwa ko ga wanda aka ce an sa masa 50, idan gejin ƙarya yake yi, ko an sa tun makonni uku da suka wuce, ko nauyin ya kai 220. Idan bawul ne ya tsinke daga gindinsa, tayar ce take zamewa a kan rim a duk lokacin da ka ja mai ko ka taka birki, tana jan tiyub tare da ita. Wannan ma ƙarancin iska da yawan lodi ne. Yana ba da sanarwa kafin ya faru: za ka ga bawul ya karkace maimakon ya tsaya a miƙe. Don haka kada ka ɗaure ɗan notin bawul tamau a jikin rim, ka bar shi sama kusa da murfi, domin idan ka ɗaure shi bawul ba zai iya karkata ya nuna maka ba, sai dai ya yage kawai.

Huji ɗaya a cikin ciki, ɓangaren da ke kallon rim, wannan ba laifin iska ba ne kai tsaye. Kan wayar rim ne ya ɓullo, ko robar da ake shimfiɗawa a kan rim ta tsinke, ko tsatsa ce. Sai dai iska mai yawa tana ƙara danna tiyub a kan wannan kaifin, kuma lodi shi ke sassauta wayoyin tun farko. In ba a gyara rim ba, tiyub na uku ma zai bi sahu. Idan kuwa tsohon faci ne ya ɗago, ko tiyub ya tsage a tsaye, ko ka ga ya yi laushi yana manne wa cikin taya, zafi ne. A wannan halin ka sa a cire tayar gaba ɗaya, ka shafa hannu a cikinta. In ka ji garin roba baƙi, ko ka ga zare ya fito, ko wani layi mai duhu ya zagaye gefenta ta ciki, tayar ta riga ta ƙone, ko da zanenta na waje yana nan da kyau. Irin wannan ba a yi mata lodi kuma, canja ta ake yi. Wannan lahani ba a ganinsa daga waje, kuma babu lambar iska da ke gyara shi.

Ka kuma tabbatar tiyub ɗin da ake sa maka na 3.00-17 ne. Wasu kan cusa na 2.75 a baya don shi ke hannu, sai ya miƙe fiye da ƙima ya yi siriri. Na 18 kuma yakan ninke a ciki, ninkin ya zama wurin tsagewa.

Ga yadda zan so ka yi ranar Asabar mai zuwa. Da safe kafin ka tayar da mashin, ka auna: 25 a gaba, 32 a baya. Idan shokarka mai matakai ce, ka matsa ta zuwa mataki mai tauri, duka gefe biyu daidai da juna, don kada bayan mashin ya zauna ƙasa ya ƙara ɗage gaba. Idan ka san da kaya mai nauyi za ka dawo kai kaɗai, kuma tayarka mai fulai shida ce, ka sa a ƙara maka a Mangu kafin lodi. Da yake ka yi tafiya tayar na da ɗumi, 40 ko 41 a gejinka a lokacin shi ne kamar 38 na safe. Ka ɗaure buhun a mazaunin fasinja, a kwance, matse da bayanka, kariya ta ɗauki ƙananan kaya marasa nauyi. A hanyar gona mai yashi ko taɓo wasu kan rage iska don taya ta kama ƙasa, kuma hakan yana aiki ga mutum ɗaya mai tafiya a hankali, amma da buhu a baya kada ka rage ko ɗaya, rim zai cije tiyub a dutsen farko. Ka tsaya sau ɗaya a hanya, wajen Mararabar Jama'a misali, ka taɓa gefen tayar ka duba ko bawul na nan a miƙe. Ranar Lahadi da safe ka mayar da ita 32 kafin fitar Litinin.